Yadda wani ɗan Kwari ya daina laluben kalkuleta: lissafin canji da ragi da ka, mataki bayan mataki

Jama'a sun dame ni da tambaya ɗaya, musamman yaran shago da waɗanda aka buɗe wa tebur kwanan nan, wai ta yaya wasu 'yan kasuwa suke faɗin kuɗin kaya da canji tun kafin mai saye ya gama buɗe jakarsa, su kuma sai sun danna kalkuleta sau biyu sau uku kuma duk da haka da yamma kuɗi ya ƙi cika. Toh amsar tana cikin labarin wani matashi mai tebur a Kantin Kwari, zan bi labarin nasa daki-daki domin a cikinsa matakan suke. Farashin da zaka gani a nan duk na misali ne, kai ka sa naka na yau, hanyar dai ɗaya ce.

Shi wannan yaro ya yi shekaru yana yi wa maigidansa tsaron shago, da Alhajin ya ga ya kawo ƙarfi sai ya sallame shi ya ba shi atamfa da shadda da mayafai ya kafa tebur. Ciniki yana zuwa, matsalarsa lissafi. Goman ƙarshe na azumi kowa ya san yadda Kwari take zama, ba masaka tsinke, mutum huɗu a kansa kowa na miƙo kuɗi, shi kuma kansa a sunkuye yana danne-danne, in ya yi kuskuren lamba ɗaya sai ya goge ya faro daga farko, kafin ya ɗago biyu sun wuce teburin gaba. Wata rana bayan la'asar ya tsaya sayen hula wajen wani dattijo a bakin masallaci, hular 3,650, ya miƙa dubu biyar. Tsohon ko kallon sama bai yi ba, sai ya fara zuba masa kuɗi a hannu yana cewa "hamsin, da ɗari bakwai kenan, ɗari uku, dubu huɗu, ga dubu, biyar cif." Yaron ya ce "Baba, yaushe ka yi lissafin?" Dattijon ya ce "ɗana ai ban cire komai ba, cika maka na yi." Daga wannan maganar komai ya faro.

1. Shirin safe kafin ka buɗe

Abin da ya fara gyarawa ba lissafin ba ne, aljihun kuɗin ne. Da duk a cakuɗe yake zuba su cikin leda ɗaya, to ko ka san canjin da ka, laluben ɗari biyu cikin tarin 'yan dubu zai cinye lokacin da ka rage. Kayan da ake buƙata ba su da yawa kuma ba masu tsada ba ne: jakar ɗaurawa a ƙugu mai zif uku ko huɗu ko durowa mai gida-gida, littafi ɗan makaranta guda, biro, guntun kwali kamar tafin hannu, da robar ɗaure kuɗi. Kalkuleta ma kar ka yar, tana da aikinta, zan zo kai.

Ka raba kuɗin gida huɗu, dubu daban, ɗari biyar daban, ɗari biyu da ɗari wuri ɗaya, hamsin ita kaɗai. Sannan ka ware kuɗin canji da adadi tsayayye wanda ba ya sauyawa, shi dubu goma yake warewa kullum: ɗari biyar guda goma, ɗari biyu guda goma sha biyar, ɗari guda goma sha biyar, hamsin guda goma. Ka haɗa ka gani, 5,000 da 3,000 da 1,500 da 500, goma cif. Amfanin tsayayyen adadi shi ne da yamma zaka cire dubu gomanka gefe, abin da ya rage shi ne cinikin ranar, ba sai ka tsaya tunanin da nawa ka fara ba.

Gargaɗi a nan: tun da aka sake fasalin ɗari biyu da ɗari biyar da dubu a ƙarshen 2022, tsofaffi da sababbi suna yawo tare a hannun mutane. Kar ka saba da gane kuɗi da launi kawai, musamman wajen magariba ko a cikin shagon da ba haske, ka dubi lambar.

2. Haɗa kuɗin kaya da "ba"

Kafin canji sai an san jimilla, kuma a nan ne yawanci ake ɓata lokaci. Turmin atamfa 9,800, mutum ya ɗauki huɗu. Yaron da sai ya ɗauko kalkuleta. Yanzu abin da yake yi shi ne abin da bakinmu ya saba faɗa tuntuni, 9,800 ai dubu goma ce ba ɗari biyu. Huɗu kenan dubu arba'in ba ɗari takwas, 39,200, shikenan an gama. Ka ɗaga farashin zuwa cikakkiyar lamba mafi kusa, ka ninka ta, sannan ka ninka ɗan abin da ka ƙara ka cire shi sau ɗaya a ƙarshe. Mayafi 4,900 guda uku, dubu goma sha biyar ba ɗari uku, 14,700.

In farashin ya fi kusa da lambar ƙasa sai ka juya abin, 6,200 guda biyar, dubu talatin da ɗari biyu sau biyar, 31,000.

Shadda kuma da ake saye yadi biyar ko yadi goma tana da nata sauƙin. Yadi goma, ƙara sifili kawai a bayan farashin yadi ɗaya, 3,450 ta zama 34,500. Yadi biyar, ka ƙara sifilin sannan ka raba biyu, 17,250. Kar ka wahalar da kanka da ninka 3,450 sau biyar kai tsaye, rabawa biyu ta fi sauƙi a ka nesa ba kusa ba.

Kuskuren da aka fi yi a wannan matakin shi ne mantawa da ninka "ba" ɗin. Mutum ya ce dubu arba'in ba ɗari biyu maimakon ba ɗari takwas, ya karɓi 39,800, ya ci wa mai saye 600 ba da niyya ba, kuma wannan haƙƙi ne a kansa. Maganinsa ka faɗa da ƙarfi a gaban mai sayen, "huɗu, arba'in ba ɗari takwas," in ka kauce shi ma zai ji ya gyara ka. Sannan in kayan sun wuce kala uku, rubuta jimillar kowane kala a littafi, kar ka ce sai ka riƙe lambobi biyar a ka lokaci ɗaya ana hayaniya.

3. Canji: cikawa ake yi, ba cirewa ba

Wannan shi ne darasin dattijo mai hula kuma shi ne ya fi komai sauya wa yaron aiki. A makaranta an koya mana a rubuta 20,000 a sama a sa 17,350 a ƙasa a yi ta aro daga sifili zuwa sifili. A takarda ba laifi, amma a ka, da mutane tsaye a kanka, wannan aron shi ne yake kawo kuskure. Hanyar kasuwa ita ce ka tsaya a kan kuɗin kayan ka hau sama har ka iske kuɗin da aka ba ka, kamar hawa matakalar bene, daga ƙaramin taki zuwa babba.

Kaya 17,350, an ba ka dubu ashirin. Ka ɗauko hamsin, ka ce 17,400. Ka ɗauko ɗari, 17,500. Ka ɗauko ɗari biyar, 18,000. Ka ɗauko 'yan dubu biyu, 20,000. Abin da ke hannunka shi ne canjin, 2,650, kuma ka lura ba ka ma buƙatar sanin wannan lambar kafin ka miƙa, hannunka ne ya yi lissafin. Tsarin kullum ɗaya ne: ka cika zuwa ɗari, ka cika zuwa ɗari biyar ko dubu, sannan ka cika da 'yan dubu.

Abu uku zaka kiyaye a nan. Na farko, da ƙananan kuɗi ake farawa, in ka fara da manya zaka rikice a tsakiya. Na biyu, ka ƙirga a tafin hannun mai sayen da murya, domin ƙirgar da kanta shaida ce, ba wanda zai dawo bayan minti goma ya ce canjinsa bai cika ba. Na uku kuma shi ne wanda yaron ya koya da tsada: kuɗin da aka miƙo maka kar ka zuba su cikin jaka sai ka gama ba da canji. Ka ƙirga su a gabansa, ka faɗi adadin, "dubu ashirin ka ba ni ko?", ka danne su da wani abu a kan tebur. Wata rana wani ya ba shi dubu goma sha biyar, ya zuba a jaka, da aka zo canji mutumin ya rantse ashirin ya bayar, ba yadda za a yi a tantance tunda sun riga sun gauraya, ƙarshe dai maƙwabta suka sa baki aka raba asarar.

Sai kuma ranar da ƙananan kuɗi suka ƙare, wanda a Kano kusan kullum ne bayan azahar. Maimakon ka tura yaro layi-layi neman canji mai saye yana tsaye, ka dubi wutsiyar kuɗin kayan ka roƙe ta. A wancan misalin wutsiyar ita ce 350. "Alhaji ko da ɗari uku da hamsin a jikinka? In ba ka dubu uku cif." Ya ba ka 20,350, ka ba shi 3,000. In ɗari huɗu gare shi, ka karɓa ka ba shi dubu uku da hamsin. Amma ka kula, bayan ya ƙaro kuɗin ka sake faɗin sabon adadin da ke hannunka kafin ka fara cikawa, mutane da yawa a nan suke karɓar cikon kuma su ba da tsohon canjin, ko su ba da duka biyun.

4. Kashi goma shi ne mabuɗin ragi

Da canji ya zauna masa, sai ragowar matsala ta zama ragi. A Kwari yawanci ba a cewa "cire min kashi biyar cikin ɗari," cewa ake "nawa ne gaskiyarsa," ko "rage min wani abu," ko mutum ya taya kawai. Amma masu sari da masu saye don kai wa wasu garuruwa da matan da ke sayarwa ta waya suna yawan magana da kashi-kashi, kuma ko ba a ambaci kashi ba kai kana buƙatar sanin girman abin da ake so ka sauke.

Abu ɗaya zaka haddace: kashi goma cikin ɗari na kowace lamba da ta ƙare da sifili, ka goge sifili ɗaya daga ƙarshenta. 48,000, kashi gomanta 4,800. 88,400, kashi gomanta 8,840. Daga nan duk sauran suke fitowa. Kashi biyar rabinsa ne, 2,400. Kashi ashirin ninkinsa ne, 9,600. Kashi goma sha biyar, ka haɗa goman da rabinta, 4,800 da 2,400, 7,200. Kashi biyu da rabi rabin rabi ne, 1,200, kuma wannan ɗin duk ɗan kasuwar da ke fitar da zakka ya san shi, ɗaya bisa arba'in, naira 25 a kowace dubu.

Ni a ganina wannan lissafin "a kowace dubu" ya fi zama a kan ɗan kasuwa fiye da maganar kashi. Kashi biyar yana nufin hamsin a kowace dubu, kashi goma ɗari a kowace dubu, kashi uku talatin a kowace dubu. In wani ya ce a cire masa kashi uku a kayan 48,000, ba sai ka nemi rabin wani abu ba, talatin sau arba'in da takwas, wato talatin sau hamsin ba talatin sau biyu, 1,500 ba 60, 1,440.

Bayan ka samu ragin sai ka cire shi daga jimilla, kuma a nan ma "ba" tana aiki. 48,000 a cire 4,800, ka cire dubu biyar ka mayar da ɗari biyu, 43,200.

Gargaɗi ga masu tabbatarwa da kalkuleta: madannin `%` ba ya aiki iri ɗaya a kowace na'ura, ta tebur daban ta waya daban, wata sai ta ba ka amsar da ba ita kake nema ba. Hanyar da ba ta ƙarya ita ce ka ninka da abin da ya rage. Ragin kashi biyar, saura 95, ragin kashi goma, saura 90:

```
48000 × 0.95 = 45600
48000 × 0.90 = 43200
```

5. Sanin ƙasanka tun kafin mai saye ya zo

Nan ne wajen da nake so a fi natsuwa, domin saurin lissafi ba tare da wannan ba saurin faɗuwa ne kawai. Yaron namu da ya iya kashi goma sai abin ya yi masa daɗi, duk wanda ya matsa sai ya ce na cire maka kashi goma, ciniki ya yi ta tafiya, tebur yana ƙarewa, amma da ya je sarin sabon kaya sai ya ga kuɗin ba su kai su sayo adadin da ya sayar ba. Ya je wajen tsohon maigidansa da littafinsa. Alhajin ya duba shafi ɗaya kawai ya ce "kai yaro, ragin nan daga ina kake zaton yana fita?" Ya ce "daga farashi mana Alhaji." Ya ce "a'a, a kan farashi ake auna shi, amma daga ribarka ake yankarsa."

Ga lissafin a fili. Turmin da ya saro 8,500, kuɗin dako da leda da sauran ƙananan abubuwa sun hau kansa 200, ya tsaya masa 8,700. Yana sayarwa 9,800, riba 1,100. Kashi goma na 9,800 shi ne 980. Ragin da a kunne yake kamar kaɗan ne, ɗaya bisa goma kawai, ya cinye 980 cikin 1,100, saura 120. In kuma ɗan kamasho ne ya kawo mai sayen aka ba shi la'adar ɗari biyu a turmi, to an shiga cikin uwar kuɗi da naira 80. Ya sayar, ya ji daɗi, ya faɗi.

Akwai wani tarko ɗan'uwan wannan da yake kama har manya. Mutum ya sayo kaya 8,000, ya ɗora kashi ashirin da biyar ya zama 10,000, sai ya ɗauka in ya rage kashi ashirin da biyar ya dawo uwar kuɗinsa. Ba haka ba ne. Wanda ya ɗora an auna shi a kan 8,000 ya ba da 2,000, wanda ya rage kuma ana auna shi a kan 10,000 ya ba da 2,500, kayan sun koma 7,500, faɗuwar ɗari biyar a kowane ɗaya. Ragin kashi ashirin kaɗai ya isa ya goge ribar kashi ashirin da biyar tas.

Maganin da Alhajin ya ba shi shi ne guntun kwalin nan da na ambata a farko. Duk ranar da sabon kaya ya shigo, ya zauna da kalkuleta a natse, nan ne aikinta na gaskiya, ya fitar da lamba uku ga kowane kala: yadda ya tsaya masa har da dako, farashin da zai faɗa, da iyakar abin da zai iya ragewa a guda ɗaya. Nasa kwalin ya ce atamfa ta tsaya 8,700, ana faɗin 9,800, iyakar ragi 500. Shadda yadi ya tsaya 3,000, ana faɗin 3,450, iyakar ragi 150. Mayafi ya tsaya 4,200, ana faɗin 4,900, iyakar ragi 300. Lambar ƙarshe ita kaɗai yake buƙata lokacin ciniki. Guda nawa aka ɗauka, ya ninka da iyakar, ya san inda zai ce albarka.

Kwalin nan a aljihu yake zama ko cikin durowa, ba a kan tebur ba. Kuma duk lokacin da farashin sari ya motsa ka sake shi a ranar. Sayarwa da tsohon kwali bayan kaya sun tashi yana nufin kana auna riba da kuɗin jiya alhali da kuɗin gobe zaka sayo madadinsu.

Ƙarin hattara biyu. Ragi a kan guda yana da daɗin faɗa, "cire min ɗari biyu kawai a kowane," amma in turmi arba'in ne dubu takwas kenan, don haka ka ninka kafin ka buɗe baki. Sannan ragi kan ragi: in ka cire kashi goma a 100,000 ya zama 90,000, aka matsa ka ƙara kashi biyar, a kan 90,000 zaka auna, 4,500, ya zama 85,500. In ka haɗa su ka ce kashi goma sha biyar ya zama 85,000. Bambancin ɗari biyar ne, kuma gara ku fayyace wanne ake nufi tun kafin a sallama.

6. Ciniki guda daga farko har ƙarshe

Bayan Sallah lokacin bukukuwa wata Hajiya ta zo haɗa kayan lefen ɗanta, tare da wani ɗan kamasho da ya rako ta tun daga bakin titi. Ta zaɓi atamfa turmi huɗu, shadda yadi goma, mayafi uku. Yaron yana naɗewa yana faɗa: "Hajiya atamfa arba'in ba ɗari takwas, 39,200. Shadda yadi goma 34,500. Mayafi sha biyar ba ɗari uku, 14,700." Ya rubuta ukun a littafi. Wajen haɗawa dubbai ya fara tarawa, 39 da 34 da 14 sun ba da 87, sannan ɗaruruwa, 200 da 500 da 700 sun ba da 1,400, jimilla 88,400.

Ta ce "haba ɗan nan, lefe fa nake haɗawa, ka bar min a dubu tamanin." Kafin ya amsa ya yi abu biyu a ka. Ya cika daga 80,000 zuwa 88,400 ya ga ragin da take nema 8,400 ne, dab da kashi goma tunda kashi goman 8,840 ne, kuma ya riga ya san abin da kashi goma yake yi wa ribarsa. Sannan ya tuno kwalinsa, atamfa 500 sau huɗu 2,000, shadda 150 sau goma 1,500, mayafi 300 sau uku 900, gaba ɗaya 4,400. Ƙasansa kenan 84,000.

Ya ce "albarka Hajiya, wallahi tamanin ba ta fitar da ni. Ki kawo tamanin da shida." Bai faɗi ƙasan nasa da farko ba, ya bar wa kansa wurin sauka, domin wanda ya fara da lambarsa ta ƙarshe ba shi da abin da zai ƙara in an ce ya ƙara. Ta ce tamanin da biyu, ya ce da biyar, ta juya kamar zata tafi, ya ce "Hajiya tamanin da huɗu, daga nan kuma sai dai ki yi haƙuri." Ta ce Allah ya sa albarka, ya sallama.

Ka dubi bambancin. Kayan gaba ɗaya sun tsaya masa 77,400. A 84,000 ribarsa 6,600, ya ba ɗan kamasho dubu biyu, saura 4,600. Da ya karɓi tamanin ɗin, ribar 2,600 ce, a cire la'ada saura 600 a kan kayan kusan dubu tamanin.

Ana cikin sa wa a leda sai ta ce mayafi ɗaya launinsa bai yi mata ba, a cire shi. A nan ma akwai rami. In ya cire 4,900 daga 84,000 ya mayar mata da kuɗin da bata biya ba, domin mayafin an riga an rage masa 300, a 4,600 ta saye shi. Ya yi mata bayani a fili, ta gane, 84,000 a cire dubu biyar a mayar da ɗari huɗu, 79,400. Wannan ƙa'idar haka take ko bayan kwana biyu aka dawo da kaya, shi ya sa ake rubuta ragin a gefen cinikin a littafi.

Wajen biya ta ce zata tura dubu hamsin ta waya, sauran ta ba da tsaba. Ya jira har kuɗin suka shigo asusunsa ya gani a tasa wayar, hoton rasit a wayar mai saye ba shaida ba ne ko da kuwa mutumin kirki ne, sau da yawa tiransifa tana maƙalewa a hanya ta koma. Daga 50,000 zuwa 79,400 saura 29,400. Ta ƙirgo dubu talatin, ya ƙirga a gabanta ya danne su a tebur, ya zaro ɗari ya ce 29,500, ya zaro ɗari biyar ya ce talatin cif. A littafi ya rubuta layi biyu, hamsin ta waya, 29,400 tsaba, da la'ada dubu biyu a gefen fita.

7. Rufe lissafi da yamma

Kafin ka ɗaure kaya ka ware dubu goman canjinka gefe, ka ƙirga sauran tsabar, ka gwada da jimillar layin tsaba a littafi bayan ka cire abin da ya fita kamar la'ada da abinci da dako. Layin waya kuma ka gwada shi da abin da ya shigo asusu, kar ka haɗa su wuri ɗaya domin in sun gauraya ba zaka gane ta ina giɓin ya fito ba.

In an samu giɓi, girmansa yakan nuna maka inda aka yi kuskuren. Giɓin 500 ko 1,000 cif yawanci takarda ce ta manne da 'yar'uwarta wajen ba da canji, sababbin kuɗi sun fi yin haka, sai ka riƙa murza su ɗaya-ɗaya. In kuɗi sun yi rara da 400 ko 600, duba cinikin da aka ɗauki kaya da yawa kala ɗaya, akwai yiwuwar ka rubuta daidai a littafi amma wajen karɓar kuɗi ka manta ninka "ba," kuma wannan rarar ta mai saye ce, ka ajiye masa. In giɓin ya yi daidai da wata wutsiya kamar 350, ciko ka ce a ba ka, ka ba da cikakkun dubbai, cikon kuma bai shigo hannunka ba. In kuma bambancin yana rabuwa da tara ba saura, misali 2,700, to ka duba rubutunka, galibi lambobi biyu ne suka yi musanyar wuri, ka rubuta 14,700 a matsayin 17,400, sai ka bi layukan ranar ɗaya bayan ɗaya kana gwada su da kayan da suka fita daga tebur har ka iske layin.